Mutum goma, awon jini kafin da bayan: wane gwaji kuka yi, kuma ya kuka ƙare da hoton tebur?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina rubuta furojet kan masu hawan jini goma da aka auna kafin su rage gishiri da kuma bayan wata biyu. Rajistar tana asibitin ƙauye, ma'aikacin ya ɗauko min hoton shafin da waya kawai. Ga abin da na kwafo:

```
kafin <- c(162,150,144,158,148,155,171,149,140,166)
bayan <- c(150,145,144,149,151,148,140,144,142,152)
```

Sufabaizana ya ce kada in yi gwajin t, wai bai yarda lambobin suna bin tsarin nomal ba, in nemi gwajin da ke aiki da matsayi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa min yadda ya yi, don Allah.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Mann-Whitney za ki yi. Shi na yi a nawa, na kwatanta makin makarantu biyu a SPSS, ba a yi min ko tambaya ɗaya ba ranar difens.

Malam na Lissafi: Naka ya yi daidai ne don ɗaliban makarantar farko daban, na biyu daban. Ita kuwa mutum ɗaya aka auna sau biyu, saboda haka Wilcoxon na ma'aurata ne nata, wanda SPSS ke kira Wilcoxon signed-rank. Hajiya, da lambobi goma ba kya buƙatar kwamfuta, biro ya isa, kuma na fi son ɗalibaina su fara yi da hannu.

Ki cire na baya daga na farko a kowane layi. Za ki samu 12, 5, 0, 9, −3, 7, 31, 5, −2, 14. Mutum na uku bai canza ba, sai a ajiye shi gefe, saura tara. Yanzu ki manta da alamar ragi tukuna, ki jera su daga ƙarami: 2, 3, 5, 5, 7, 9, 12, 14, 31. Na farko matsayi 1, na biyu matsayi 2. Biyar ɗin nan biyu sun yi kunnen doki a gurbi na uku da na huɗu, sai kowanne ya ɗauki 3.5. Sauran su ɗauki 5, 6, 7, 8, 9. Waɗanda jininsu ya hau su ne masu −2 da −3, matsayinsu 1 da 2, jimla 3. Na sauran 42. Idan kin haɗa dole ki samu 45, in ba haka ba akwai kuskure a jerin. A teburin Wilcoxon, ga mutum tara a matakin 0.05 ta ɓangare biyu, ana so ƙaramar jimlar kada ta wuce 5. Taki 3 ce, ke nan saukar da aka gani ta wuce a ce sa'a ce kawai.

Nas Hauwa: Malam, kafin ta yi murna ina da magana kan hoton. Na yi shekaru ina cika irin wannan rajista, kuma na san yadda 1 da 7 ke kama da juna a rubutun wanda ke sauri. Na taɓa karɓar hoton shafi da aka ɗauka a karkace, layukan dama suka sauka ƙasa da rabin layi, har wadda ta kwafa ta haɗa awon farko na wani da awon baya na maƙwabcinsa. Lambobin duk daidai suke, auren ne ya lalace, kuma babu manhajar da za ta gane haka. Mun gano ne da muka ga wata tsohuwa ta sauka da maki arba'in, na ƙasanta ya hau da kusan haka. Tun daga nan nake cewa a ɗora rula ƙarƙashin layi a ɗauki hoton daga sama tsaye, lambar katin mara lafiya ta fito tare da awon. Maman Ilham, akwai lambar da kika yi shakka a kanta?

Maman Ilham: Akwai biyu, Anti. Na mutum na bakwai, 171 ne ko 177, inuwar hannu ta rufe. Sai na mutum na biyar, awon baya, 151 ko 157. Na ɗauka na bakwai ne abin damuwa tunda shi ne babba.

Malam na Lissafi: Akasin haka ne. Ko 31 ne bambancinsa ko 37, shi ne dai mafi girma, matsayinsa 9, babu abin da ya motsa. Amfanin matsayi ke nan. Na biyar ɗin ne zai iya juya miki sakamako. In 157 ne, bambancin ya koma −9, ya yi kunnen doki da ɗaya taran, kowanne 5.5. Jimlar masu hawa ta zama 1 da 5.5, wato 6.5, ta wuce 5. Na ƙirga da hannu daga hanyoyi 512 da alamomi tara za su iya faɗuwa: da 151, p tana wajen 0.016, da 157, ta koma 0.0625. Gaba ɗayan babi na huɗu yana rataye a kan wannan lamba ɗaya. Kada ki zaɓi wadda ta yi miki daɗi. A buɗe rajistar a duba.

Injiniyan Gona: Ni nawa ya fi wannan ciwo. Filaye biyar na raba kowanne biyu, gefe da taki gefe babu, duka biyar masara ta fi yawa a gefen taki. Na yi Wilcoxon, p ta fito 0.0625. Na sake duba lissafin har na gaji, ashe da ma'aurata biyar ba ta taɓa sauka ƙasa da haka, domin hanyoyin 32 ne kacal, biyu cikinsu ne mafi tsanani. Sai an kai shida ake iya ketare 0.05, shi ma sai duk sun tafi gefe ɗaya. Duk mai shirin aiki irin wannan ya ƙirga kafin ya shiga gona.

Ɗan Kwari: To ai ni ban ga abin wahala ba. Ta yi Shapiro-Wilk, mai duba ko lambobi suna bin tsarin nomal, a kan kafin da bayan, in p ta wuce 0.05 ta koma gwajin t abinta.

Nas Hauwa: Abin da aka koya mana shi ne bambancin ake dubawa, ba ginshiƙan biyu ba. Kuma da mutum goma Shapiro-Wilk ba ya cika kama komai, shirunsa ba shaida ba ce.

Abu Sumayya: Haka ne, amma ina da ja da Malam a wuri ɗaya. Wilcoxon ma yana da sharaɗinsa, yana so bambancin ya bazu daidai hagu da dama na tsakiyarsa. Wannan 31 ɗin ya ja wutsiya gefe ɗaya. A aikin da na yi kan kwanakin jinya mai duba aikin ya tilasta min gwajin alama saboda haka. A nan bakwai sun sauka, biyu sun hau, p kusan 0.18. Labari ya canza.

Malam na Lissafi: Gwajin alama yana zubar da girman canjin gaba ɗaya, ya ɗauki −2 daidai da 31, shi ya sa yake da rauni a mutum tara. Kuma in rage gishirin bai yi komai ba, kafin da bayan za su iya musanya wuri, bambancin zai daidaita da kansa. Don gwada ko akwai canji, ni na tsaya kan Wilcoxon. Lamba ɗaya ba ta isa a yanke hukuncin karkata ba.

Abu Sumayya: Ba ta isa a wanke shi ba kuma, ranka ya daɗe. Ni zan sa duka biyun a rahoto in bar mai karatu ya gani.

Maman Ilham: Na gwada `wilcox.test(kafin, bayan, paired = TRUE)` a R, ya ba ni V = 42 kamar yadda Malam ya samu, sai dai ya yi gargaɗi cewa ba zai iya ba da p ta ainihi ba saboda kunnen doki da sifilin nan. Ma'aikacin ya ce sai Litinin zai shiga ɗakin rajista. Na roƙe shi ya ɗauko layi na biyar shi kaɗai, daga kusa, ya kuma karanta min lambar da baki.