Shafi fari fat: abin da jan rubutun Console ke faɗa

Wata mai koyon gina shafin intanet ta kawo kuka cewa shafinta na buɗewa fari fat, ba rubutu ba hoto. Shawarar farko da kowa ya ba ta: ki danna F12 a burauza, ki shiga Console, inda burauza ke nuna kurakurai, ki sake loda shafin. Jan rubutu ne kuskure, ruwan ɗorawa kuwa gargaɗi ne, yana iya jira. Kuma ki fara da kuskuren da ke sama, domin sau da yawa shi ke haifo na ƙasa.

Nata ya ce:

```
Uncaught SyntaxError: Unexpected token '<'
```

A nan aka daɗe, kuma a ganina nan ne amfanin yake. Burauza ta nemi fayil ɗin JavaScript, sabar ba ta same shi ba, sai ta miƙo shafin HTML a madadinsa. Shi kuma HTML da alamar < yake farawa, shi ya sa burauza ta tsaya cak tun a harafin farko. Tunda wannan fayil ne ke zana komai, sai shafin ya zauna wayam.

Wani ya ce ta tabbatar a Network, sashen da ke jera fayilolin da burauza ta nema: ta danna sunan fayil ɗin, ta duba Response. Kada lamba 200, mai nufin komai lafiya, ta ruɗe ta, wasu sabar haka suke amsawa ko da fayil babu. Ta duba, ga HTML kuwa. Ashe ta rubuta App.js a cikin src na layin script da ke kiran fayil ɗin, alhali sunan fayil app.js ne, kwamfutarta mai Windows ba ta damu ba, sabar Linux kuwa tana bambanta babban harafi da ƙarami.