Beraye shida-shida: gwajin t ya ce babu bambanci, Mann-Whitney ya ce akwai. Wanne zan sa?

Ummi_Bayokem
Assalamu alaikum malamai da yayye. Ina neman shawara kan furojet ɗina. Beraye 12 ne, duka an ba su farasitamol mai yawa. Shida sun samu ruwan ganyen zogale a kai, shida ba su samu ba. Ga ALT ɗinsu, sinadarin da ke hauhawa a jini in hanta ta lalace, a U/L:

Masu zogale: 38, 41, 44, 47, 52, 55
Marasa zogale: 54, 58, 61, 66, 70, 165

A SPSS gwajin t ya ba ni p wajen 0.09, Mann-Whitney kuma 0.004. Supabaiza ya ce gwajin t aka saba gani a sashenmu. Wanne zan rubuta a babi na huɗu?

Baban Sadiya
Wa alaikis salam. Ai wannan a fili take. Duk abin da bai kai 30 ba, ba a yi masa gwajin t. Ki tafi Mann-Whitney kai tsaye, midiyan yake kwatantawa, shi ke nan.

Malam Lissafi
Baban Sadiya, ka nuna mata ƙofar da ta dace amma da dalilin da bai dace ba. Gwajin t domin ƙananan samfura aka ƙirƙire shi. William Gosset, wanda yake sa hannu da sunan Student, ya fitar da shi a 1908 yana aiki a kamfanin Guinness da ke Dublin, inda samfuran da yake samu kaɗan ne. Ƙarancin beraye ba shi ne ciwon ba, 165 ɗin nan ce.

Ummi, dubi abin da ta yi. Matsakaicin masu zogale 46.2 ne, na ɗaya rukunin 79.0, tazara 32.8. Amma gwajin t yana raba tazarar ne da warwatsuwar alƙaluman. Inda SPSS ya rubuta `Std. Deviation` za ki ga 6.5 a rukunin farko, 42.5 a na biyu. Bera ɗaya ne ya kumbura wannan 42.5. Sai t ta sauko 1.87. Da babu shi, tazarar za ta ragu zuwa 15.6, amma t za ta haura 4, p ta koma wajen 0.003. Wato beran da ya fi kowa nuna cewa hanta ta lalace, shi ne ya raunana gwajin.

Kuma 0.09 ɗin da kika karanto layin sama ne, `Equal variances assumed`. Da 6.5 a nan da 42.5 a can, wannan layin ba naki ba ne. Na ƙasa za ki duba, `Equal variances not assumed`, shi ne na Welch, zai ba ki wajen 0.12.

Ɗan Ajin Baya
To a yanka beran a huta mana. Ah, na manta, an riga an yanka shi.

Hajiya Lab
Kafin a yi ta gardamar gwaji, 'yata, koma littafin dakin gwaji ki duba abu uku. Na farko, 165 aka rubuta ko 65 ce hannu ya ƙara mata ɗaya wajen shigarwa? 65 za ta zauna daram tsakanin 61 da 66, shi ya sa nake zarginta. Na biyu, in an tsarma samfurin, a ga an ninka da adadin da ya dace, sau ɗaya ba sau biyu ba. Takardar da ke cikin kwalin sinadarin tana faɗin iyakar da in an wuce ta dole a tsarma a sake aunawa. Na uku, ruwan jinin ya yi ja? Fashewar ƙwayoyin jini ta fi tayar da AST, amma tana iya ɓata karatun launi. In duk wannan lafiya lau, to adadin gaskiya ne. Beraye ba sa ɗaukar farasitamol iri ɗaya, wani hantarsa ta fi ta 'yan'uwansa lalacewa. Ba ki da ikon goge shi don ya fita zakka.

Sani Agirik
Ni dai Wilcoxon na bibbiyu zan ce ki yi, tunda shida da shida ne, sun yi daidai. Ki haɗa na ɗaya da na ɗaya.

Malam Lissafi
A'a, Malam Sani. Daidaituwar yawa ba ita ce bibbiyu ba. Bibbiyu shi ne a auna bera ɗaya kafin magani da bayansa. Nan beraye daban-daban ne, 38 ba ta da wata dangantaka da 54 ban da cewa su ne a farkon layi.

Bari in nuna yadda 0.004 ta fito, don ki iya kāre ta da baki. Ki jera duka 12 daga ƙarami zuwa babba. Matsayi na 1 zuwa na 5 duk masu zogale ne. Na 6 shi ne 54, marar zogale. Na 7 shi ne 55, mai zogale. Daga na 8 zuwa na 12 duk marasa zogale. A nan 165 ta zama ta 12 kawai. Ko 71 ce, ko 1,000, matsayinta bai canza ba. Yanzu ki gwada kowane mai zogale da kowane marar zogale, gwami 36 ke nan. Sau ɗaya tak mai zogale ya fi, wato 55 a kan 54. Shi ne U = 1. Hanyoyin raba beraye 12 gida biyu shida-shida guda 924 ne. Waɗanda suka kai wannan rabuwa ko suka fi ta guda 2 ne a ɓangare ɗaya, 2 a ɗaya ɓangaren. 4 bisa 924 shi ne 0.0043. SPSS yana fito da layi biyu: ki ɗauki `Exact Sig.`, ki bar `Asymp. Sig.` mai 0.006, wancan kintace ne na manyan samfura.

Batun midiyan kuma, ba ya zama kwatanta midiyan sai in rukunan biyu siffarsu ɗaya ce, ɗaya ya matsa gaba kawai. Naki ba haka suke ba. Abin da za ki iya faɗa shi ne: a gwami 35 cikin 36, marar zogale ne ya fi ALT.

Kabiru Maikuro
Ku yi ta yabon Mann-Whitney. Ku tambayi 'yan shekararmu da aka ce wa duk ƙaramin samfuri gwajin matsayi ake yi masa. Aikin sau uku-uku ne, faranti uku nan, uku can, faɗin da'irar da maganin ya hana ƙwayar cuta tsiro. Mafi ƙanƙanta a rukuni ɗaya ya ninka mafi girma a ɗayan, ido ma ya gani. Mann-Whitney ya ce 0.10. Aka rubuta babu bambanci, mai jarrabawa na waje ya dubi teburin ya ce a sake babi na huɗu da na biyar, aka rasa tafiya bautar ƙasa da wancan rukuni. Wanda ya ba da shawarar kuwa yana zaune a wurin bai ce uffan ba.

Malam Lissafi
Allah ya huci zuciyarka, Kabiru, amma wannan lissafi ne ya hukunta. Uku da uku hanyoyin rabo 20 ne kacal, mafi ƙanƙantar p da za a iya samu 2 bisa 20, wato 0.10, ko da bambancin ya kai sama da ƙasa. Huɗu da huɗu hanyoyi 70 ne, ƙasan 0.029, kuma sai rukunan sun rabu sarai. Ummi tana da shida-shida, U har 5 yana shiga ƙasa da 0.05, tana da sarari.

Kabiru Maikuro
To me ya hana a faɗi haka tun kafin a zuba faranti?

Dakta A.
Kabiru, akwai wata tambaya a naku: faranti ukun daga kwalbar tsimi ɗaya aka ɗiba? In haka ne, samfuri ɗaya aka auna sau uku, gwajin t ma ba zai wanke shi ba.

Ummi, ni ba zan sa hannu kan ɗaliba ta gudanar da gwaji biyu ta zaɓi mai daɗi ba, ko da zaɓin ya faɗa daidai. Me kika rubuta a babi na uku? In gwajin t kika yi alƙawari, ki kawo shi, layin Welch, sannan ki kawo na matsayi ki faɗi dalili: adadi ɗaya ya yi nisa, an duba littafi, an tabbatar da shi. Ki zana hoto mai ɗigo 12 kowa ya gani da idonsa, ba sanduna biyu ba. Akwai kuma hanya ta uku. Alƙaluman sinadaran hanta sukan ja wutsiya ta sama, don haka ana ɗaukar log ɗinsu kafin gwajin t. A naki Welch kan log zai ba da wajen 0.04. Ga yadda za ki yi duka ukun a manhajar R:

```r
a <- c(38,41,44,47,52,55)
b <- c(54,58,61,66,70,165)
t.test(b, a)
t.test(log(b), log(a))
wilcox.test(b, a, exact=TRUE, conf.int=TRUE)
```

Layin ƙarshe zai ba ki tazara 17.5, ita ce ta tsakiya cikin bambance-bambance 36 ɗin. Ta fi 32.8 kama da abin da ke faruwa ga yawancin berayen.

Baban Sadiya
Dakta, da girmamawa, kin ce kada ta yi zaɓe, sai kuma kika ƙara mata ɗan takara na uku. Ta yi Shapiro-Wilk kawai: in ya wuce 0.05 gwajin t, in bai wuce ba Mann-Whitney. Haka muke yi wa kwastomomi.

Dakta A.
A rukuninta na biyu zai kama, domin 165 ko makaho ya shafa ya ji. Amma da alƙaluma shida, wucewa 0.05 ba shaidar lafiya ba ce. Gwajin ba shi da ƙarfin gano karkata sai ta yi muni ƙwarai. Abin da aka sani game da ALT tun kafin a sayi berayen ya fi shi amfani. Kuma log ba ɗan takara ba ne in an rubuta shi tun a babi na uku.

Baban Sadiya
Ni furojet nawa suka bi ta hannuna babu wanda aka dawo da shi.

Hajiya Lab
Rashin dawowa ba ya nufin an karanta, Malam.

Ummi_Bayokem
Na gode ƙwarai. A babi na uku "gwajin da ya dace" kawai na rubuta. Littafin yana hannun mai kula da dakin gwaji, sai Litinin. In na kasa R ɗin nan, nawa ake biya a yi wa mutum?

Sani Agirik
Naira 15,000 a shagunan bakin get, har da teburi.

Kabiru Maikuro
Wane get? 40,000 ake cewa yanzu, in kana son fassarar sakamako 50,000.

Baban Sadiya
Alƙaluma 12? 5,000 ma ta isa, minti goma ne.

Ɗan Ajin Baya
Malam Lissafi ya riga ya yi kyauta a sama, ki tura masa kuɗin data kawai.

Kabiru Maikuro
Ni abin da ke ci mini rai da masu shagon nan, ba sa ba ka fayil ɗin sakamako. Teburi kawai za su buga maka da ƙananan haruffa a, b, c a saman lambobi. Ka tambaye su wane gwaji ne, su ce Duncan, ko rukuni biyu ne ko goma. Ran kāre furojet a tambaye ka daga ina b ta fito, ka tsaya kana kallon silin.

Hajiya Lab
Wasu ma tambayar farko da suke yi ita ce, "Kana so ya nuna bambanci ko kada ya nuna?" Duk wanda zai biya, ya ce sai an haɗa masa da fayil ɗin `.sav` da na `.spv`, ya buɗe su a gabansu kafin ya miƙa kuɗi.

Baban Sadiya
Ba dukanmu ba ne, Hajiya. Kuma ku tambayi malaman da ke mayar da ɗalibi in ya kawo sakamakon da babu bambanci. Daga can cinikin yake farawa.