Wutsiya, ɗafa-ƙeya ko inkiya: me za mu kira haruffan bayan ɗigo?

Malama Hadiza, Mabera: Salamu alaikum. Ina rubuta wa malaman makarantarmu ɗan bayani da Hausa, na zo na cije. Duk lokacin da muka sauko da sunayen ɗalibai daga fotal, fayil ɗin yana zuwa da suna `sakamako.xls`, kuma da an danna shi sai Excel ya fito da wannan:

```
The file format and extension of 'sakamako.xls' don't match. The file could be corrupted or unsafe. Unless you trust its source, don't open it. Do you want to open it anyway?
```

Rabin malaman sun ƙi buɗewa, wai cuta ce za ta shiga kwamfuta. Kalmomi biyun farko, format da extension, nake nema wa Hausa. Ta farko na sa mata "tsari", ta biyun ce ta gagare ni. Kuma don Allah, akwai haɗari ko babu?

Bello mai shagon buga takardu, Gawon Nama: Malama, mu nan wutsiya muka ce mata, dattawa kuma su ce bindi. Danna Yes kawai, kullum sai mun gan shi, ba abin da yat taɓa faruwa. In ya dame ki ki canja wutsiyar ta koma `.xlsx`, shi ke nan.

Alhaji Garba, Kasuwar Kara: Ai mu abin da munka sani da wannan suna shi na wayar wuta mai baki huɗu da ake jona fanka da caja. Ku ce mata jone mana.

Malama Hadiza: Baba Alhaji, ba ta wuta ba, wannan a jikin sunan fayil take. Bello, na bi shawararka yanzun nan, abin ya ƙara lalacewa. Da farko yana tambayata ko in buɗe, yanzu ya ƙi buɗewa sam, ba ma wurin danna Yes.

Umar, Arkilla: Malama, mayar da sunan yadda yake, fayil ɗinki lafiya lau. Abin da ya faru kamar buhun taki ne da aka zuba wa gero. Rubutun jikin buhu yana cewa taki, wanda ya kwance bakin ya ga gero. Haruffan bayan ɗigo su ne rubutun buhu, kuma kowa na iya goge su ya rubuta wasu ba tare da ƙwaya ɗaya ta canja a ciki ba. Tun daga Excel na 2007 ne manhajar ta fara leƙa cikin buhun tana gwadawa da rubutun, in sun saɓa ta yi magana. Da sunan `.xls` takan yi gargaɗi ta bar miki zaɓi. Da sunan `.xlsx` ba ta sassauci, in ba ainihin irinsa ba ne sai ta ƙi.

Ga yadda za ki ga abin da ke ciki ba tare da kin kunna komai ba. Buɗe Notepad, ki jawo fayil ɗin ki saki a kansa, ki dubi layin farko kawai, kada ki yi ajiya. Notepad nuna haruffa kawai yake yi, ba ya zartar da umarni. Faɗa mana me kika gani.

Malama Hadiza: Ga shi:

```
<html><body><table border="1">
```

Daga nan sai sunayen yara suna bi, ina iya karanta su.

Umar: To kin gani. Shafin yanar gizo ne mai tebur, wanda ya gina fotal ɗin ya liƙa masa `.xls` don in an danna Excel ya ɗauka. Sauƙi ya nema wa kansa, kuma masu fotal da yawa haka suke yi. Tunda ke da hannunki kika shiga fotal ɗin kika sauko da shi, danna Yes. In ya buɗe, je Save As ki zaɓi Excel Workbook, sabon da zai fito buhunsa da geronsa sun dace, ba zai sake tambaya ba.

Amma ban yarda da "kullum Yes" na Bello ba. Da a ce `PK` kika gani a farko, to fayil ne na sabon zubi aka sa wa tsohon suna, kuma yana iya zama `.xlsm`, wato mai ɗauke da makro, ƙananan umarnin da ke aiki da kansu. In irin wannan ya zo ta wasiƙa daga wanda ba ki sani ba, wai rasit ko jerin waɗanda za a ba tallafi, kuma yana roƙon ki danna Enable Content, rufe shi. In `MZ` ne a farko, manhaja ce sukutum aka ɓad da kamarta, share ta. Sannan rashin gargaɗin ba shaidar lafiya ba ne: `.xls` na gaskiya shi ma yana ɗaukar makro, kuma wannan saƙon ba zai fito ba tunda suna da ciki sun dace.

Malam Nasiru, Runjin Sambo: Ku bar ni in koma kan kalma. A nahawu muna da ɗafa-goshi, ɗafa-ciki da ɗafa-ƙeya. Abin da aka liƙa a ƙarshen kalma ya nuna ajinta, kamar yadda ake gane jam'i, ɗafa-ƙeya ne. Wannan ma a ƙarshen suna yake, yana nuna ajin fayil. Duk wanda ya yi Hausa a sakandare ya san ta. Wutsiya ba ta dace da rubutu ba, yara dariya za su yi.

Umar: Allah ya gafarta Malam, ta yi kyau a kunne, sai dai tana da illa a daidai wannan wuri. Ɗafa-ƙeya in ka canja ta, kalmar ta canja da gaske: Bahaushe daban, Bahaushiya daban. Wanda ya ji haka zai ɗauka canja haruffan nan yana juya fayil, kuskuren da Bello ya yi ke nan ɗazu. Ni inkiya na fi so, don ana yi wa mutum inkiya da Dogo alhali gajere ne.

Malam Nasiru: Inkiya tana maye gurbin suna ne, ba a bayansa take zama ba. In dai haka ne laƙabi ya fi kusa. Kuma Malama, "tsari" ɗinki zai rikice da jera layuka da kaurara rubutu, shi ma tsari ake cewa. Ki sa "zubi", kamar zubin waƙa.

Bello: Na yarda na kwafsa kan `.xlsx`. Amma ku zo shago ku ce wa mai jiran firintin "duba ɗafa-ƙeyar", ku gani in bai shafa bayan kainai ba.

Alhaji Garba: Ni dai tawa matsalar, yaro ya buɗe irin wannan na masu kawo muna albasa daga Gada, duk sifilin farkon lambobin waya sun ɓace. Ko ita ce cutar?

Umar: Ba cuta ba ce, ranka ya daɗe. In abin da ke ciki rubutu ne tsura, Excel yana ɗaukar lambar waya a matsayin adadi, sai ya zubar da sifilin gaba. A asalin fayil ɗin suna nan, muddin yaron bai yi ajiya a kansa ba. Ya leƙa da Notepad zai gan su.

Malama Hadiza: Zubi ta zauna, na gode Malam. Ga abin da na rubuta: "Zubin fayil ɗin bai dace da wutsiyar sunansa ba. Wataƙila ya lalace ko yana da haɗari. Kada ka buɗe sai ka amince da inda ya fito." Na karanta wa malamai uku a ofis, biyu sun gane wutsiya nan take, ta ukun, mai koyar da Hausa, ta ce sai dai ɗafa-ƙeya. Gobe zan buga kwafi goma da kowace.

Malam Nasiru: Ki aiko mini da na ɗafa-ƙeyar in duba kafin ki buga.