Neman shawara: yaya zan gabatar da tsohon malaminmu ba tare da na yi masa ƙari ba?

Mai tambaya, Tudun Jukun:
Assalamu alaikum. Ranar Asabar ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai za ta yi taro a Tudun Wada, kuma ni aka ɗora wa gabatar da masu jawabi. Na farko farfesa ne daga Samaru wanda tarihinsa ya cika shafi uku. Na biyu malaminmu ne na aji uku, wanda ya shekara 35 yana koyarwa a firamare har ya yi ritaya bai taɓa zama hedimasta ba, kuma zai yi magana a kan yadda iyaye za su taimaki yara su iya karatu. Ba na son in yi masa ƙarya, ba na kuma son ya ji an raina shi. Me zan faɗa?

Alhaji, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, yabon manya a bainar jama'a al'adarmu ce, kuma babu wanda zai tashi ya ƙaryata ka. Ka ce masa shehin malami, gangaran, uban marayu, wanda ya yaye dubban ɗalibai. Dattijon ya cancanci ya ji daɗi ko da sau ɗaya ne.

Malam, Kwarbai:
Alhaji ya yi gaskiya cewa dattijon ya cancanci girmamawa, amma shehin malami laƙabi ne da muke ba farfesa, kuma farfesan yana zaune kusa da shi, don haka kunya za ka jawo masa. A hadisin Abu Bakra da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ce wa wanda ya zuzuta wani a gabansa ai ya riga ya yanke wuyan abokinsa da wannan yabo, sannan ya koyar da cewa idan yabon ya zama dole, mutum ya faɗi abin da ya sani, ya ce haka nake zatonsa, Allah ne mai yi masa hisabi.

Tsohon mai gabatar da taruka, Ƙofar Doka:
Ɗana, abin da ya sa kake ganin ba ka da abin faɗa shi ne kana auna shi da mudun farfesa, wato digiri da muƙami. Ka je gidansa kafin Juma'a ka gaishe shi, ka tambaye shi makarantun da ya koyar, da ajin da ya fi daɗewa a ciki, da abin da yake yi wa yaron da ya kai aji uku bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Shi ba zai yabi kansa ba, saboda haka sai ka kira mutum biyu ko uku daga cikinku, kowa ya ba ka abu ɗaya da ya gani da idonsa. Idan sun ce yana da kirki, wannan bai isa ba, ka matsa har su faɗi ranar da abin da ya yi.

A ce sun gaya maka yakan tsayar da masu rauni bayan an tashi. Sai ka ce: "Jama'a, mai magana na gaba ya shekara 35 a gaban allo, mafi yawansu a aji uku, inda ake gane yaron da ya kama karatu da wanda aka bari a baya. Wasunmu a wannan zaure sun tuna yana tsayar da su bayan tashi har sai sun karanta layi ɗaya da kansu. Duk wanda ya ratsa ajinsa ya miƙe." Idan mutum ashirin suka miƙe, ka gama aikinka. Game da dubban da Alhaji ya ambata, ka yi lissafi tukuna: aji mai yara 50 a shekara 35 ya ba da 1,750, don haka "fiye da dubu" gaskiya ce idan ajin nasa ya kai haka. Kuma ka rage shafi ukun farfesa zuwa minti ɗaya, kamar na malamin, domin bambancin tsawon ne jama'a za su fara lura da shi.

Hajiya, Samaru:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma an taɓa gabatar da ni a wani taron mata da sunan likita ƙwararriya. Dole na fara jawabina da gyara, na ga mai gabatarwar ta sunkuyar da kai, daga baya kuma tambayoyin da aka yi mini duk na likita ne. Da ta ce na shekara goma sha biyu a ɗakin haihuwa, da ya ishe ni.

Mai tambaya:
Na gode, Baba, gobe bayan la'asar zan je wurinsa. Amma ya kamata in ambaci cewa bai riƙe hedimasta ba, don kada a ce na ɓoye?

Malam, Kwarbai:
Barin abin da ba a tambaye ka ba ba ƙarya ba ne, kada ka taɓo shi.

Tsohon mai gabatar da taruka:
Ni kam sai na tambaye shi. Idan an taɓa yi masa tayi ya zaɓi zama a aji, zan faɗa da izininsa. Idan kuwa tsallake shi aka yi, wataƙila har yanzu abin yana yi masa ciwo, kuma za ka gane hakan daga yadda zai amsa.