Taƙaitaccen abin da aka tattauna kan kwararar mutane daga ƙauye zuwa Kano

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar nan.

1. Kusan kowa ya yarda cewa gona ce farkon matsalar. Magada suna ta rabawa, har ta kai ga abin da mutum zai noma ba ya kai shi wata shida. Taki ya yi tsada, ƙasa ta gaji. Da can cirani ake zuwa, a koma gida da saukar damina; yanzu da yawa sai su zarce, ba komawa.

2. Wasu sun ƙara da rashin tsaro a Zamfara da Katsina, inda manomi ba ya iya zuwa gonarsa. Wannan ba zaɓi ba ne, gudun tsira ne.

3. Abin da ke jan su: kuɗi a hannu kullum. Dako a Dawanau ko Kantin Kwari, turin ruwa, tuƙin Adaidaita Sahu.

4. An rabu kan laifin cunkoso. Wasu sun ce baƙi ne suka cika unguwanni, mutum shida a ɗaki guda. Wasu sun ce a'a, an yanka filaye ba magudanar ruwa, an cike kududdufai an yi gini, shi ya sa ambaliya ke cin gidaje. Ni na fi karkata nan, domin baƙo ba shi ke sayar da fili ba.

5. Ba a daidaita kan mafita ba, amma noman rani irin na Kadawa ya fi samun goyon baya.