Ina neman shawara kan wasiƙar da zan tura wa mai haɗa manhaja

Salam 'yan uwa, ina da shagon kayan masarufi a Kano, ina so in rubuta wa wani matashi mai zaman kansa wasiƙa ya haɗa min manhajar oda, kwastoma ya zaɓi kaya ya biya sai ɗan acaɓa ya kai masa gida. Kuɗin da na ware naira dubu 800 ne, na rubuta zan ba da rabi kafin aiki rabi in ya gama, amma nan na maƙale, ya zan fayyace "ya gama" ɗin? Ranar da ta hau Play Store ko sai oda ta fara shigowa lafiya? Kuma kuɗin wata-wata na saba, wato kwamfutar da manhajar za ta dogara da ita a intanet, wa zai riƙa biya? Don Allah a taimaka.