Me za mu kira safar nan ta masu wuni a tsaye?

Mai Fassara: Jama'a, ina shirya takardar wayar da kai ga ma'aikatan jinya da yaran shago. Akwai doguwar safar nan da ake ce wa kamfireshan, mai hana ƙafa kumbura, da kuma insol da ake shimfiɗawa cikin takalmi. Na rubuta "matsattsiyar safa" amma zuciyata ba ta kwanta ba. A taimaka.

Ɗan Kwari: Ai sunan kenan, Malam. Ni da nake wuni tsaye kan atamfa, safar 'yan ƙwallo nake sa wa, ƙarama da gangan don ta kama ni sosai. Duk ɗaya ne.

Sista Mai Dutin Dare: Ƙanena, ba ɗaya ba ne, kuma abin da ya sa "matsattsiya" ba za ta yi ba kenan. Safar ƙwallo a can sama robarta take shaƙewa, ƙasan gwiwa, sai ta tare jinin da ke son hawa. Ita wannan an saƙa ta ne yadda za ta fi kamawa a idon sawu, tana hawa tana sassautawa. Jinin ƙafa da taimakon tsokar sha-raɓa yake komawa zuciya, duk taku tana matso shi sama. Wanda ya tsaya wuri guda tsokar ba ta aiki, jini ya taru ƙasa, da la'asar ka ga shatin safa a fata. Safar ba ta maye gurbin tafiya, tana dai rage taruwar. Ni "safar tallafin jini" nake so.

Mai Fassara: Ya yi tsawo, Sista, kuma wani zai zaci ta masu hawan jini ce.

Hajiya Mai Kanti: To ashe ba ita ba ce? Ni na ga an rubuta lamba irin ta awon jini a kwalin, har na yi niyyar saya wa maigidana.

Sista Mai Dutin Dare: A'a Hajiya, ba ta maganin hawan jini. Ma'aunin ne ɗaya, mmHg, amma a nan ƙarfin kamun safar a idon sawu yake nunawa. Mai lafiya da tsayuwa kawai ke damunsa, 15 zuwa 20 ta ishe shi. Daga 20 zuwa 30 gara likita ya ce. Kuma ba da lambar takalmi ake zaɓa ba. Da safe kafin ƙafa ta kumbura, a ɗauki tef ɗin tela a auna idon sawu inda ya fi siranta, a auna sha-raɓa inda ta fi kauri, a duba jadawalin kwalin. A sa da safe, a cire in za a kwanta. In ta yi tsawo kada a naɗe bakinta, naɗin zai zama ɗauri. Yatsu suka yi sanyi, ko suka mutu, ko launinsu ya sauya, a tuɓe nan take. Idan Alhaji yana da ciwon suga har ba ya jin ƙafarsa sosai, ko jini ba ya sauka masa ƙafa yadda ya kamata, kada ya sa sai an duba shi.

Ɗan Maraɗi: Mu nan da sunan Faransanci ake tambayarta a farmasi, amma tsofaffi "safar likita" suke cewa.

Hajiya Mai Kanti: Ku ce "safar kumburi" mana. Kowa zai gane amfaninta.

Sista Mai Dutin Dare: Ya fi sauƙi a baki, na yarda. Tsorona ɗaya: wanda ƙafarsa guda ta kumbura farat ɗaya da zafi, zai iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya. Wannan asibiti zai nufa, ba kanti ba. In kun ɗauki sunan, Malam, ku rubuta wannan a ƙarƙashinsa.

Baba Shumeka: Kun manta da nawa. Mu insol muke cewa tun tuni, masu kawo gyara kuma su ce "shimfiɗar takalmi". Amma iri biyu ne. Akwai soso mai laushi, wata biyu ya lafe. Akwai mai tudu a tsakiya, mai ɗan tauri, da ke tokare kwarmin tafin ƙafa ya riƙe dunduniya. Na farkon ku ce "katifar takalmi", na biyun "matashin sawu". Kuma a cire tsohuwar shimfiɗar kafin a sa, in ba haka ba takalmin ya matse yatsu.

Ɗan Kwari: Matashin sawu? Baba, sai a ce wani saurayi ake nufi.

Baba Shumeka: Yaro, matashin kai ma saurayi ne?

Mai Fassara: Na ɗauki "safar kumburi" tare da gargaɗin Sista. Na takalmin zan gwada "matashin sawu" da "matokarin sawu" a kan 'yan shagon layinmu, in ji wanda za su maimaita.

Ɗan Kwari: Sista, a wannan zafin na Kano ana iya wuni da ita kuwa?